Idan Saƙon Wani Ya Faɗo Wayarka: Yadda Ake Gane Shi da Abin da Ake Yi da Shi

Duk saƙon da ya ɓata hanya mutum uku ya shafa, wato wanda ya rubuta shi, da wanda aka nufa da shi, da kuma wanda ya faɗo wa. Na farko yana zaton ya isar da maganarsa, na biyu bai ma san ana nemansa ba, na ukun ne kaɗai yake da labarin abin da ya faru. Saboda haka nauyin gyaran yana komawa kan mutumin da ba shi da hannu a cikin kuskuren, kuma abin da ya yi a 'yan mintocin farko shi ne yake raba tsakanin ɗan kuskuren da za a manta da shi kafin gari ya waye da kuma abin kunyar da zai daɗe yana damun mutane. Za mu bi matakan ne a kan WhatsApp, domin a nan abin ya fi faruwa, tare da nuna inda sauran manhajoji suka bambanta da shi.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Wata ma'aikaciya ta aika wa shugaban sashenta rahoton aiki da ƙarfe 9:38 na dare. Da ƙarfe 9:40 sai ga saƙo daga gare shi, hoton wata takarda da rubutu a ƙarƙashinsa: "Kawu, ga sakamakon gwajin Inna. Likita ya ce a kawo ta gobe ƙarfe 8 na safe, kada ta ci komai kafin nan. Don Allah kada a gaya mata tukuna." Bayansa kuma akwai saƙon murya na daƙiƙa 50 wanda ba ta saurara ba tukuna.

Mataki na farko: tabbatar da cewa ba kai aka nufa ba

Alama mafi ƙarfi ita ce yadda aka kira ka. Kowace hira tana da sunan da ake kiran mutum da shi da kuma irin harshen da aka saba, kuma da wuya mutum ya sauya su ba dalili. Shugaban da kullum yake rubuta "Malama" ba zai wayi gari yana cewa "Kawu" ba, kamar yadda abokin da kuka saba zolaya ba zai fara rubuto maka "ranka ya daɗe" haka siddan ba. A Hausa ma abin ya fi sauƙin kamawa, domin "ka" da "ki" suna tona asirin saƙo tun daga kalmar farko, haka nan "ku" ta girmamawa idan ta zo daga wanda bai saba yi maka ita ba.

Alama ta biyu ita ce saƙon ya zo a matsayin ci gaban maganar da ba a fara da kai ba. Amsa ba tare da tambaya ba, ko "to shi ke nan, na amince" alhali ba ka nemi amincewar kowa ba, ko "kamar yadda muka yi magana ɗazu" alhali rabonku da magana an kwana biyu, duk suna nuna cewa farkon zancen yana wani wuri. Kafin ka yanke hukunci, ka ɗan koma sama cikin hirar ku ka duba, domin wani lokaci amsa ce ta tambayar da ka yi makon jiya ka manta, kuma ba abin daɗi ba ne ka ce wa mutum ya yi kuskure alhali kai ne ka manta da abin da ka tambaya.

Alama ta uku ita ce lokaci, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Jerin hirarraki a WhatsApp ba a tsaye yake ba, duk hirar da sabon saƙo ya shigo cikinta tana tsallakowa zuwa sama ta ture wadda take can. A misalinmu, shugaban yana cikin magana da kawunsa, ya fita ya ɗauko hoton takardar, kafin ya dawo rahoton ma'aikaciyar ya shigo, hirarta ta hau inda ta kawun take, yatsansa kuwa ya taɓa inda ya saba taɓawa. Idan saƙon da bai dace da kai ba ya iso minti ɗaya ko biyu bayan ka aika wa mutumin wani abu, to kusan ka gano yadda aka yi ke nan. Sauran hanyoyin su ne sunaye masu kama da juna a cikin waya, da amsawa kai tsaye daga sanarwar da ta faɗo a saman fuskar waya, da kuma tura hoto daga ma'ajiyar hotuna, inda waya take jero fuskokin mutanen da aka fi yawan hira da su kusa da juna.

Akwai saƙon da yake kama da ɓatacce amma ba shi ba ne. Idan ka ga `Forwarded` a samansa, mai yiwuwa da gangan aka turo maka domin ka ga abin da wani ya rubuta, don haka kiran "Kawu" da ke ciki ba hujja ba ne. Saƙon gaisuwa ko sanarwa da aka aika wa mutane da yawa a lokaci guda shi ma yakan zo ba tare da sunanka ba. A ra'ayina alama ɗaya tana sa a yi shakka ne kawai, amma idan biyu suka haɗu, kamar kiran da bai dace ba da kuma zancen da ba ka san farkonsa ba, babu sauran abin jira. Ma'aikaciyarmu ta sami duka ukun.

Mataki na biyu: tsaya a inda ka gane

Abin da ido ya riga ya gani ba laifin kowa ba ne, domin ba a gane saƙo ba naka ba ne sai an karanta shi. Abin da ya biyo bayan ganewar shi ne yake hannunka. Ma'aikaciyar ta karanta rubutun, wannan ya wuce, amma hoton takardar tana iya ƙin buɗe shi ta ƙara girmansa, saƙon muryar kuma tana iya ƙin kunna shi. Rubutun ya riga ya ba ta duk abin da take bukata domin ta yi abin da ya dace, duk abin da za ta ƙara sani daga nan kaya ne da za ta ɗauka ba tare da amfanin komai ba, kuma za ta ci gaba da haɗuwa da mutumin nan kowace safiya tana sane da shi.

Ban da kunya da mutunci, akwai dalili na zahiri. Wayar mai aikawa tana ba shi labarin abin da ka yi. Maki ɗaya mai ruwan toka yana nufin saƙo ya tafi, biyu yana nufin ya shiga wayarka, idan suka koma shuɗi kuma ka buɗe hirar. Saƙon murya yana da tasa alamar daban, domin ɗan hoton makirfon da ke jikinsa yana komawa shuɗi bayan an saurara. Wato idan daga baya ka ce ba ka saurara ba, yana da hanyar sanin ko gaskiya ka faɗa, kuma wannan makirfon da bai sauya launi ba ya fi duk wata rantsuwa kwantar masa da hankali.

Wasu kan yi dabarar karanta saƙo daga sanarwa ba tare da buɗe hirar ba, ko su kashe `Read receipts` domin kada makin ya yi shuɗi, sannan su yi kamar ba su gani ba. Dabarar tana ɓoye karatun, amma ba ta gyara komai, kuma a misalinmu illa take yi, saboda dalilin da za mu gani a mataki na huɗu.

Mataki na uku: tabbatar da cewa kuskuren na gaske ne

Wannan mataki yana zuwa kafin amsa, domin "na yi kuskuren turo maka" na cikin ƙofofin da 'yan damfara suka fi shiga ta cikinsu. Tambayar da za ka yi wa kanka guda ɗaya ce: shin saƙon yana neman in yi wani abu da hannuna? Ɓataccen saƙo na gaskiya ba ya bukatar komai daga wanda ya faɗo wa, tunda ba da shi ake magana ba. Saƙon shugaban nan bai nemi ma'aikaciyar ta tura komai ba, bai ba ta adireshin da za ta latsa ba, bai nemi kuɗi ba. Na damfara kuwa, ko ya fara da kamar ba ruwansa da kai, ƙarshensa yana dawowa kan wata bukata.

Mafi haɗari shi ne na lambar sirri. Saƙon tes zai shigo wayarka ɗauke da lambobi 6 daga WhatsApp, jim kaɗan sai wani, sau da yawa ma wanda ka sani, ya rubuto cewa lambar tasa ce ya yi kuskuren sa layinka, ka taimaka ka turo masa. Wannan lamba ba ta ɓata hanya ba, domin ana aika ta ne ga layin da ake ƙoƙarin yi wa rajista, ke nan asusunka ake ƙoƙarin buɗewa a wata wayar. Wanda ka sani ɗin kuma galibi an riga an ƙwace nasa asusun ne, ɓarawon yana bin jerin mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ba a tura wannan lamba ga kowa ko da wane irin roƙo, kuma abin da ya dace shi ne ka kira mai asusun ta kiran waya na yau da kullum ka sanar da shi, sannan ka shiga `Settings`, `Account`, `Two-step verification` ka sa lambar kariya ta biyu idan ba ka riga ka sa ba. Haka hukuncin yake ga lambar da banki yake turowa domin tabbatar da cire kuɗi.

Na biyu shi ne na kuɗi, inda za a turo maka hoton rasit ko saƙon da ya yi kama da na banki, a ce an yi kuskuren tura kuɗi asusunka, a roƙe ka ka mayar. Hoto ba shaida ba ne, saƙon tes ma ba shaida ba ne. Ka duba asusunka ta manhajar bankin da kanka, kuma ko da kuɗin sun shigo da gaske, mayarwar ta bi ta hannun banki, kada ka tura su wani asusun da mai kiran ya karanto maka, domin idan kuɗin na sata ne sunanka ne zai fito a kan turawar.

Na uku ya fi sanyi kuma ya fi daɗewa kafin ya nuna kansa. Baƙuwar lamba za ta rubuto kamar tana magana da wani, ka ce an yi kuskure, sai a ba ka haƙuri cikin ladabi, sannan a ƙi tafiya. Za a tambayi sunanka da aikinka, a ce ai haɗuwar nan alheri ce, bayan kwanaki ko makonni kuma zancen ya gangaro kan wata harkar zuba jari. Abin lura shi ne wanda ya yi kuskure da gaske kunya take kama shi, ya ba da haƙuri a layi ɗaya ya ɓace. Wanda ya zauna yana jan hira bayan an gaya masa ba mutuminsa ba ne, to ruwa ba ya tsami banza. Ba dole ba ne ka amsa wa baƙuwar lamba, musamman idan lambar ƙasar da ke farkonta ba ta inda kake da mutane ba ce. Idan kuma saƙon ya yi kama da na bukatar gaske, kamar sanarwar rashin lafiya da aka aika wa tsohon mai layinka, tunda kamfanonin waya suna sake sayar da layukan da aka daɗe ba a yi amfani da su ba, amsa ɗaya ta isa: "Wannan lamba ba ta wanda kuke nema ba ce." Kada ka ƙara sunanka. Idan aka ci gaba, ka yi amfani da `Block`, ko `Report` wanda yake tura wa WhatsApp saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya aiko maka.

Mataki na huɗu: duba agogo biyu

Da zarar ka tabbatar kuskuren na gaske ne, akwai wa'adi biyu da suke tafiya. Na farko shi ne na manhajar. WhatsApp yana ba mai aikawa kimanin kwana biyu ya goge saƙo daga ɓangarorin biyu ta hanyar `Delete for everyone`, kuma wurin zai nuna `This message was deleted`. A manhajar saƙonni ta iPhone, `Undo Send` minti 2 kacal yake aiki, don haka kusan kullum an makara. A Telegram kowane ɓangare yana iya goge saƙo daga hirar mutum biyu a kowane lokaci. Saƙon tes na yau da kullum kuwa ba ya dawowa ko kaɗan, a nan ne maganar ta zama zarar bunu da gaske.

Wa'adi na biyu yana cikin saƙon kansa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Shugaban yana da kwana biyu ya goge hoton, amma kawun yana da abin da bai kai awa goma sha ɗaya ba kafin ƙarfe 8 na safe, kuma dole ya sani tun da dare domin kada a ba mara lafiyar abin kari. Idan ma'aikaciyar ta yi shiru saboda kunya, ko ta ce bari sai gobe a ofis ta faɗa masa baki da baki, shugaban zai kwanta da tunanin ya isar da saƙo, tunda ya ga maki biyu, kawun kuma zai kwanta bai san komai ba. Wannan ne ya sa nake ganin shiru, wanda mutane da yawa suke ɗauka kawaici ne, shi ne mafi munin zaɓi a galibin lokuta. Yana kare mai karɓa daga minti ɗaya na jin nauyi, ya bar asarar ga mutumin da ba ya cikin hirar ma.

Mataki na biyar: sanar da mai aikawa, a taƙaice

Saƙon sanarwa yana bukatar abu uku: cewa an yi kuskure, da wane saƙo ne, da kuma iyakar abin da ka gani. Ma'aikaciyar za ta iya rubuta: "Yallaɓai, barka da dare. Saƙonnin da suka shigo mini ƙarfe 9:40 ina jin ba ni aka nufa ba, kuma da alama na gaggawa ne. Na karanta rubutun kafin in gane, amma ban buɗe hoton ba, ban kuma saurari muryar ba. Idan an goge daga can, ni ma zan share abin da ya rage a nan."

Akwai abubuwan da aka bari da gangan. Ba ta maimaita abin da ke cikin saƙon ba, ta nuna shi ne da lokacinsa. Ba ta ja saƙon gefe ta amsa a kansa ba, domin amsar da aka ɗora a kan saƙo tana ɗauko wani yanki nasa, kuma wannan yankin na iya ci gaba da bayyana bayan an goge na asalin. Ba ta tambayi wane ciwo ne ba. Addu'ar samun sauƙi ma, wadda baki yake saurin kawowa, gara a jinkirta ta har sai shi da kansa ya buɗe zancen, domin mutumin da ya ce kada a gaya wa mara lafiyar ma tukuna bai shirya karɓar jaje daga wurin aiki ba. Ba ta kuma yi ƙaryar cewa ba ta ga komai ba, tunda wanda bai karanta ba ba zai san saƙon ba nasa ba ne, kuma shugaban zai gane hakan nan take.

Idan minti goma ko sha biyar suka wuce makin bai yi shuɗi ba, kuma saƙon yana da wa'adi irin wannan, sai ta kira shi, ko da dare ya fara yi. Kiran ba ya bukatar ya wuce jimla biyu: "Yallaɓai, a gafarce ni da kiran dare. A duba waya, akwai saƙon da ya shigo mini wanda ba nawa ba ne." Idan da saƙon ba shi da wa'adi, rubutu kaɗai ya wadatar, a bar shi ya gani a lokacinsa.

Abin da bai kamata ta yi ba shi ne ta isar da saƙon da kanta, ko da ta san kawun kuma tana da lambarsa. Tana iya yin kuskuren wane kawu ne, ta zama ta ninka ɓarnar. Saƙon zai isa da tambarin `Forwarded` daga lambar da ba ta cikin dangi, wanda hakan yake sanar da kawun cewa sirrin gidansu ya bi ta hannun bare. Sannan mai saƙo ne yake da ikon zaɓar yadda maganarsa za ta isa. Sai fa idan rai yana cikin haɗari kuma an yi ta neman mai aikawa ba a same shi ba, a nan ma abin da za a faɗa wa wanda aka nufa shi ne ya nemi wane da gaggawa, ba a tura masa takardar ba.

Mataki na shida: share abin da ya rage a wayarka

Mutane da yawa suna tsayawa da zarar sun ga `This message was deleted`, alhali hoto yana da wuraren ɓuya fiye da rubutu. Idan wayarka tana sauke hotuna da kanta, hoton ya riga ya sauka tun kafin ka buɗe hirar. A iPhone, idan an saita WhatsApp ya riƙa ajiye hotuna a `Photos`, kwafin da ke can yana nan ko da mai aikawa ya goge nasa, kuma idan ka goge shi zai koma `Recently Deleted` ya zauna kwana 30 sai ka bi shi can ka ƙarasa. A kowace irin waya, ka duba ma'ajiyar hotuna da kwandon shararta, ka kuma duba ko manhajar da take kwafe hotunanka zuwa intanet, irin `Google Photos`, ta riga ta ɗauke shi. Wannan ya fi zama dole ga wanda yara ko wasu mutanen gida suke ɗaukar wayarsa suna kallon hotuna.

Akwai kuskuren da masu aikawa suke yawan yi cikin ruɗewa, wato su latsa `Delete for me` a maimakon `Delete for everyone`. Manhajar tana ba da daƙiƙa 5 a latsa `Undo`, idan suka wuce saƙon ya ɓace daga wayar mai aikawa, ya rasa abin da zai latsa ya goge shi daga taka. Idan shugaban ya ce ya goge amma ma'aikaciyar tana ganin saƙon har yanzu, mai yiwuwa wannan ne ya faru, kuma gogewar ta dawo hannunta gaba ɗaya. Sai ta goge ta kuma gaya masa ta goge, a layi ɗaya. Hoton fuskar waya kuwa ba a ɗaukar sa "don ko-ta-kwana", ba a kuma nuna wa aboki don a yi dariya, domin daga lokacin da ka yi kwafi da hannunka ka daina zama wanda abu ya faɗo wa, ka zama wanda ya yaɗa.

Washegari a wurin aiki, gaisuwar da aka saba ita ce daidai. Idan ya tayar da zancen, a amsa da abin da ya dace a taƙaice, idan bai tayar ba a bar shi.

Idan saƙon a kanka yake magana

Nan ne abin yake da wuya, kuma yana yawan faruwa saboda dalili mai sauƙi: wanda yake rubutu a kanka sunanka ne a ransa, don haka sunanka yake nema a cikin waya. Ka ɗauka abokin aikinka ya rubuto maka cewa, "Kin ga shi kuma har yanzu bai gama ba, kullum sai an jira shi." Kalmar "kin" ta nuna wata aka nufa, "shi" ɗin kuma kai ne. Matakan ba su sauya ba, illa dai a ƙara guda ɗaya a gabansu, wato kada ka amsa cikin zafi. Irin wannan saƙon ba shi da wa'adi, don haka awa ɗaya ko kwana ɗaya ba za su ɓata komai ba.

Ka raba abu biyu da suka cakuɗe. Kuskuren aikawa abu ne guda, abin da aka faɗa a kanka kuma abu ne daban, kuma ba a warware na biyun a rubuce. Ga na farko, "Ina jin wannan ba ni ka nufa ba" ta isa, ba tare da habaici ko alamar dariya ba. Yin kamar ba ka gani ba a nan ba ya aiki, domin zai ga makin, kai kuma za ka ga ya goge, sai kowannenku ya san ɗayan ya sani, ku zauna a haka kuna kallon juna. Ga na biyun, ka auna nauyin maganar. Ƙorafin da mutum ya yi cikin gajiya ba ɗaya yake da ƙazafi ba, kuma ka tuna jimla ɗaya ka gani daga tsakiyar hirar da ba ka san farkonta ba. Idan maganar ta cancanci a yi ta, ka nemi ku yi ta baki da baki, ku biyu kawai.

Akwai yanayi ɗaya da dokar sanarwa da gogewa take juyewa. Idan abin da ya faɗo maka shiri ne na cutar da wani, ko barazana, ko shaidar cin zarafin yaro, ko zambar da ake kitsawa, to sanar da mai aikawa ba shi dama ce ya goge shaida. A nan ba ka amsa masa, ka adana rubutun yadda lambar mai aikawa da lokacin za su fito, ka kai wa hukumar da abin ya shafa ko wanda ake shirin cutarwa. Idan kuwa hoton batsa ne da ya shafi yaro, kada ka kwafe shi, kada ka tura wa kowa ko da niyyar kai ƙara, ka kai wayar kanta ga hukuma.

Idan a zaure ya faɗo

A zauren WhatsApp mai mutane da yawa, kowa yana zaton wani ya riga ya faɗa wa mai saƙon, saboda haka saƙo yakan daɗe a fili ana karantawa. Kada ka rubuta a cikin zauren cewa an yi kuskure, domin wannan yana ɗaga hirar sama a wayar kowa ya kuma jawo idon waɗanda ba su lura ba. Ka buɗe hirarka da mai saƙon ka gaya masa can, ko ka kira shi idan abin mai nauyi ne, kamar hoton katin banki ko takardar asibiti. Idan ba a same shi ba, ka nemi mai kula da zauren, domin tun 2022 WhatsApp ya ba masu kula da zaure ikon goge saƙon kowane mamba daga wayar kowa, kuma wurin zai nuna cewa mai kula ne ya goge. Bayan an goge, mai saƙon yana iya son sanin iya inda abin ya kai, kuma `Info` na saƙon yana nuna waɗanda suka karanta, amma sai an duba shi kafin a goge. Saboda haka idan ka same shi a waya, ka ce masa ya leƙa jerin sunayen na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya goge, idan kuma lambobin kati ne suka fita, ya kira bankinsa a rufe katin ko da mutum biyu ne kawai suka gani.